Bidiyo huɗu a kan jimlar nema ɗaya: suna cin junansu ne?

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda zai duba mini wannan lissafi. Tasha ce ta koyar da gyaran waya a YouTube, kuma akwai bidiyo huɗu a cikinta da duk takensu ya ƙunshi "waya ba ta caji". Na farko, bari in kira shi A, tsawonsa minti 9, yana bin matsalar daki-daki tun daga kan caja har zuwa batir. B na share ramin caji ne. C na batirin da ya kumbura ne. D shi ne sabo, minti 8, a kan wayar da ruwa ya shiga raminta. Tun da aka ɗora D, kallon da A ke samu daga nema ya faɗi kusan rabi. Shin D ne ya cinye shi? In goge D ɗin ne?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Goge shi kawai. Jimla ɗaya, bidiyo ɗaya, ka'idar ke nan. In ka bar su huɗu, algoridim zai rasa wanda zai ɗaga, sai duk su nutse.

Malam Kabiru: Nura, kada ka taɓa madannin gogewa tukuna, don abin da aka goge a YouTube ba ya dawowa. Faɗuwar A ita kaɗai ba ta nuna komai ba. Abin da za ka fara nema shi ne jimillar kallon da duka huɗun suke samu daga wannan jimla, kafin zuwan D da bayan zuwansa. Idan A ya rasa dubu ɗaya amma D ya kawo dubu biyu, ai riba ka ci. Idan kuwa jimillar tana nan inda take, to tukunyar ɗaya ce, masu ɗiba ne suka ƙaru.

Ga yadda za ka fito da alƙaluman. Ka buɗe YouTube Studio a kwamfuta, ka shiga bidiyo A, ka danna Analytics, sannan Advanced mode. A ɓangaren Traffic source ka danna YouTube search, zai buɗe maka jerin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su faɗo kan bidiyon. Ka saita kwanan wata zuwa kwana 28 da suka gabaci ranar ɗora D, ka fitar da teburin zuwa Google Sheets. Ka sake yin haka da kwana 28 na bayansa, amma ka tsallake makon farko, domin a makon nan sabon bidiyo yana cikin ɗokin masu bin tashar, alƙalumansa ba su zauna ba. Ka maimaita wa B, C da D. Kada ka ƙirga jimlar nan guda kawai, saboda mutane suna rubuta ta iri-iri: "waya bata chaji", "wayata ta ƙi caji", da sauransu. Ka haɗa danginta duka. In kalmomin suna layin A na teburin, yawan kallo yana layin B na teburin, wannan zai tara maka:

```
=SUMIF(A:A,"*caji*",B:B)+SUMIF(A:A,"*chaji*",B:B)
```

Jerin ba ya nuna kowace kalma da aka nema, don haka adadin zai ɗan gaza na gaskiya. Ba komai, tunda da mudu ɗaya kake auna lokutan biyu.

Auwal: Ni dai a ganina matsalar maimaita abu ce. YouTube na hukunta tashar da ke ɗora abu ɗaya sau da yawa, har ta cire ta daga tsarin samun kuɗi. Ka yi hattara kada su ɗauka kwafi kake yi.

Hajiya Rabi: Auwal, wancan wani zance ne daban. Dokar da kake nufi tana magana ne a kan bidiyoyin da abin da ke cikinsu kusan ɗaya ne, an yi ta buga su kamar bulo. Nasa kuwa huɗun kowanne da abin da yake koyarwa, taken ne kawai ya yi kama. Ba hukunci ake yi masa ba, gasa ce tsakanin 'ya'yan gida ɗaya.

Nura: Malam, na yi yadda ka ce. Kafin D: A 2,400, B 500, C 300, jimilla 3,200. Bayan D: A 1,300, B 450, C 250, D 1,150, jimilla 3,150.

Malam Kabiru: To yanzu magana ta fara fitowa. Jimillar ba ta motsa ba, 3,200 ta koma 3,150. A ya rasa 1,100, D ya samu 1,150. Kusan duk abin da D ya samu daga wannan jimla daga aljihun A ya fito. B da C ba su da hannu sosai a rikicin, ka ajiye su gefe.

Sai dai ko wannan bai isa a ce an yi asara ba. In D yana riƙe mutane kamar yadda A ke yi, kuɗi ne aka ciro daga aljihun dama aka sa a na hagu. A wannan teburin dai akwai Average view duration, wato matsakaicin tsawon kallo. Turo mana na A da na D, amma na waɗanda suka zo daga nema kaɗai, ba na bidiyon gaba ɗaya ba. Na gaba ɗaya yana gauraye da na masu bin tashar, su kuwa suna yi wa mai tasha haƙurin da baƙo mai waya a mace a hannu ba zai yi ba.

Nura: A minti 4 da daƙiƙa 10. D minti 1 da daƙiƙa 20.

Malam Kabiru: Ga asarar nan. Mu lissafa. A da, kallo 2,400 sau daƙiƙa 250 ya ba da kusan awa 167. Yanzu A yana da 1,300 sau 250, kusan awa 90, D kuma 1,150 sau 80, kusan awa 26. In ka haɗa, 116. Wato a cikin kwana 28, awa 50 da ɗoriya sun zube, alhali yawan kallon bai canza ba. Wannan shi ne ainihin cin juna: bidiyon da bai dace da tambayar ba ya tare gaban wanda ya dace.

Dalilin kuma a bayyane yake. Mutum ya rubuta "waya ba ta caji", bai san me ya same ta ba. Ya ga D, ya danna, bayan rabin minti ya ji ana maganar ruwa, shi kuwa tasa ba ta taɓa ruwa ba, sai ya koma baya. Ka buɗe zanen riƙon masu kallo na D a shafin Engagement, ina kyautata zaton za ka ga gangara mai tsini daidai inda aka fara ambaton ruwa. Abin takaicin kuma, wanda ya koma baya ba dole ba ne ya danna A. Sau da yawa tashar da ta ba shi kunya yake gujewa, ya tafi ta maƙwabci.

Zainab: Malam, ina da ja a nan. Gajeren kallo ba kullum yake nufin gazawa ba. A bidiyon koyarwa, mutum na iya samun amsarsa a minti ɗaya ya tafi yana godiya.

Sannan a harkar shafukan intanet wannan matsala tana da magani sananne. Tun watan Yuni na 2019 Google ya sanar da cewa galibi ba zai nuna fiye da sakamako biyu daga shafi ɗaya a manyan sakamakonsa ba, shi ya sa ake haɗe rubuce-rubuce masu kama da juna su zama ɗaya, a karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sabon da 301, wato umarnin da ke tura mai ziyara sabon adireshi dindindin. Me zai hana ya haɗa huɗun su zama dogon bidiyo guda, ya sauke sauran?

Malam Kabiru: Malama Zainab, batunki na farko gaskiya ne, kuma shi ya sa ake duba inda amsar take a cikin bidiyon. Nura, a wane minti D ya fara nuna gyaran?

Nura: Wajen minti na 3. Kuma gangarar tana nan kamar yadda ka ce, daga daƙiƙa 35 zuwa 50.

Malam Kabiru: To waɗannan ba su kai ga amsar ba ballantana a ce sun ƙoshi. Daƙiƙa 80 a bidiyon minti 8 kusan kashi 17 cikin ɗari ne, na A kuwa kashi 46.

Batu na biyu ne ban yarda da shi ba. Sanarwar 2019 ta shafin neman Google ce. A cikin YouTube kina iya rubuta jimla ki ga bidiyo uku ko huɗu na tasha ɗaya a jere, musamman tashar da ta yi suna a fannin. Abu mafi muhimmanci kuma, YouTube ba shi da 301, ba shi da canonical, wato alamar da ke gaya wa injin nema wane shafi ne na asali. Ba a iya karkatar da tsohon bidiyo zuwa sabo, ba a kuma iya musanya fayil ɗin bidiyo a bar adireshinsa. Sabon ɗori sabon adireshi ne, yana farawa daga sifili: babu tarihin kallo, babu sharhi, babu komai. A shafin intanet in kin haɗe rubutu biyu, ƙarfinsu na bin karkatarwar. A nan in kin haɗe, kin zubar da tarihin A ne, wanda shi ne jarin tashar a wannan jimla.

Sadiq: To ai shi ya sa na ce a goge D, ba A ba.

Hajiya Rabi: Sadiq, gogewa tana da farashi. Sa'o'in kallon bidiyon da aka goge, ko aka mayar Private ko Unlisted, wato wanda sai mai adireshinsa ke iya buɗewa, ba sa shiga lissafin awa 4,000 na wata 12 da ake nema tare da mabiya 1,000 kafin a shiga rabon kuɗin talla. In tashar ba ta tsallake wannan gaɓar ba, kowace awa tana da daraja. Ban da haka ma, D ba mummunan bidiyo ba ne. Mai wayar da ta faɗa ruwa shi yake nema ido rufe. Rigar wani aka sa masa kawai.

Malam Kabiru: Haka ne, Hajiya. Aikin shi ne a mayar wa kowa rigarsa. A ne zai riƙe babbar jimlar, domin shi ne ke amsa tambayar wanda bai san ciwon ba. Kada a taɓa takensa ko hoton bangonsa yanzu, don in ka canza abu biyu a lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

D ne za a yi wa aiki. A take, a ciro "waya ba ta caji" daga gaba, a fara da abin da ya bambanta shi, misali "Ruwa ya shiga ramin caji: abin da za ka yi kafin ka jona waya". An yarda da haruffa 100 a take, amma a allon waya ana yanke dogon take, don haka kalmomin farko ne ke ɗaukar kaya. Layi biyun farko na bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon su ma su koma maganar ruwa da danshi. Hoton bango ya nuna ruwan ƙarara, yadda wanda tasa ba ta jiƙe ba zai gane tun daga nesa cewa ba nasa ba ne. Mutane suna jin tsoron wannan, don yana rage yawan dannawa. Amma dannawar da ake ragewa ita ce wadda dama take ƙarewa a daƙiƙa 40.

Sai a gina hanya tsakaninsu. A cikin D, a sa kati daidai wajen daƙiƙa 30, kafin gangarar, mai kai mutum zuwa A, a kuma maƙale sharhi a sama mai cewa in wayarka ba ta taɓa ruwa ba ga bidiyon da ya dace da kai. A cikin A kuma, inda aka zo maganar datti a rami a sa katin B, inda aka zo batir a sa na C, inda aka ambaci danshi a sa na D. Bidiyo ɗaya yana ɗaukar kati har 5, sun ishe ka. Allon ƙarshe yana zama ne a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshen bidiyo, don haka a D ba zai yi maka wani amfani ba, mafi yawan masu tserewa ba sa kaiwa can.

Auwal: Tags fa, kalmomin nan da ake liƙa wa bidiyo a Studio? Ya cire "waya ba ta caji" daga Tags na sauran ukun, ai shi ke nan an raba faɗa.

Malam Kabiru: Ya cire, ba laifi, minti ɗaya ne. Amma kada ya sa rai. YouTube da kansa ya faɗa a shafin taimakonsa cewa rawar da Tags ke takawa wajen gano bidiyo ƙarama ce, sun fi amfani ga kalmomin da ake yawan kuskuren rubutawa. Take, hoton bango, bayani da abin da ake faɗa a cikin bidiyon su ne masu nauyi. Akwai ma iyakar da ya kamata a sani: in a cikin D an yi ta furta "waya ba ta caji", canza take ba zai fitar da shi daga jimlar gaba ɗaya ba. Zai dai ja baya.

Zainab: Akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Mun ga A ya faɗi lokacin da D ya zo, sai muka ɗora wa D. In fa wata tasha ce ta saki bidiyo mai ƙarfi a makon nan ta ture A, D kuma ya ceto abin da da ya tafi waje? A haka, janye D daga jimlar zai sa a rasa 1,150 ɗin, A kuma bai farfaɗo ba.

Malam Kabiru: Wannan tambaya ce ta gaske, kuma alƙaluman da ke hannunmu ba su kore ta ba. Akwai abu biyu da za su rage shakka. Na farko, ya rubuta jimlar a tagar Incognito ba tare da shiga asusunsa ba, saboda sakamakon nema yana bin tarihin kallon mai nema, kuma mai tasha ana iya tura masa nasa bidiyoyin gaba. Ya duba goman farko, ya ga ko akwai baƙon bidiyo da aka ɗora a tsakanin nan. Na biyu, ya duba Impressions na A a layin YouTube search, tare da Impressions click-through rate. In yawan nunawa ya faɗi, an ture A ƙasa ne, kuma mai turewar na iya zama D ko na waje. In nunawa tana nan amma kason dannawa ne ya faɗi, to ana nuna A yadda aka saba, wani ne kusa da shi yake janye ido. Da yake abin da D ya samu ya yi kusan daidai da abin da A ya rasa, zargi zai fi karkata kansa.

Raguwar masu neman jimlar gaba ɗaya ba ta cikin lissafi a nan, tunda jimillar ba ta faɗi ba. Da ta faɗi, sai a leƙa Google Trends a zaɓi YouTube Search a gani.

Nura: Nunawar A daga nema ta sauka kaɗan, daga wajen 30,000 zuwa 27,000. Kason dannawa ne ya faɗi daga 8 cikin ɗari zuwa ƙasa da 5. A Incognito, D ne na biyu, A na uku, na ɗaya kuma tsohon bidiyon wata tasha ne da dama yake wurin. Hoton bangon A da na D kusan iri ɗaya ne, jan rubutu da alamar batir, sai dai na D ya fi haske.

Hajiya Rabi: To ka ga. Mutum ya ga tagwaye daga tasha ɗaya, ɗaya an ɗora shi watan jiya, ɗaya ya haura shekara. Sabon zai danna, yana zaton gyararren tsohon ne.

Amma ina so in ja kunnen masu karanta wannan zaren kada su tafi suna wargaza takensu. Akwai tashoshin da maimaita jimla ita ce daidai a gare su. Mai darussa a jere, kashi na 1 zuwa na 20, dole sunan darasin ya fito a kowanne. A can abin yi shi ne batun kowane kashi ya zo a gaba, sunan jerin da lambarsa su koma ƙarshen take, a kuma tara su a Playlist ɗaya mai ɗauke da babbar jimlar, tunda shi ma yana fitowa a sakamakon nema. Haka mai bidiyon da ake sabuntawa duk shekara saboda manhaja ta canza fuska. Shi sabon ne ya kamata ya ci tsohon, har ma a taimaka masa.

Sadiq: A wannan yanayin na sabuntawa dai kun yarda a sauke tsohon ko?

Hajiya Rabi: Ni ina ganin in bayanin tsohon ya zama kuskure har zai iya sa mutum ya lalata abinsa, a mayar da shi Unlisted. Zai fita daga nema, amma duk wanda ke da adireshinsa zai iya buɗewa, kuma ana iya dawo da shi.

Malam Kabiru: Ni kuma ba na gaggawar haka. Gurbin da tsohon ya bari ba gado ba ne da za a ce sabon ne zai ci, duk wanda ya fi ƙarfi a jimlar shi zai hau, ko da na wata tasha ne. Na fi son a bar shi a fili, a sa shekararsa a take, a sa kati da maƙalallen sharhi zuwa sabon, har sai sabon ya wuce shi a kallon nema. In wani yanki ne kawai ya tsufa, ana iya yanke shi da Editor na cikin Studio, adireshi da yawan kallo suna nan. Amma na yarda in kuskuren mai cutarwa ne, maganar Hajiya ta fi.

Zainab: Kwana nawa zai jira kafin ya yanke hukunci a kan D? Kuma me zai nuna cewa gyaran bai yi ba?

Malam Kabiru: Ya rubuta ranar da ya canza, ya bar mako guda ya wuce, sannan ya auna kwana 28 da mudun farko. Kada ya riƙa leƙawa kullum, alƙaluman Studio kan yi jinkirin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma hawa da saukar yini ɗaya ba ta faɗin komai. Abin da ake fata shi ne kason dannawar A ya koma wajen 7 ko 8, kallon D daga dangin "caji" ya ragu, kalmomin "ruwa" da "danshi" su fara bayyana a jerinsa, tsawon kallonsa kuma ya haura minti 3, wato masu zuwa suna kaiwa ga gyaran. Yawan kallon D zai iya faɗuwa da fiye da rabi, wannan ba abin tsoro ba ne in sa'o'in A da D a haɗe sun haura 116.

In kuwa D ya faɗi, A bai motsa ba, jimillar ta sauka zuwa wajen 2,000, to hasashen Malama Zainab ne ya tabbata, ko kuma hoton bangon A ne ya gaji da kansa. A nan sai ya mayar wa D tsohon takensa, ya koma kan hoton A.

Nura: Na gode ƙwarai. Na canza take da hoton D yanzu, na sa katin a daƙiƙa 30. B fa? Takensa "Waya ba ta caji? Share ramin da kanka". In bar shi?

Malam Kabiru: Bar shi sai an gama auna D. Tsawon kallonsa daga nema nawa ne?

Nura: Minti 2 da daƙiƙa 50, bidiyon kuma minti 4 ne.

Hajiya Rabi: Kashi 70 cikin ɗari ke nan. Wannan ko bayan awon ni ba zan taɓa shi ba.